Zanen da na yi da Python yana cewa motata na shan lita 13, amma gidan mai yana cewa 8.5

Malam Sani, Garwa: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman wanda zai duba mini wani lissafi da ya ƙi daidaituwa. Ina da ƙaramar na'urar nan da ake soka wa a jikin mota ƙarƙashin sitiyari, wadda ke magana da manhajar waya, kuma manhajar tana ba da damar fitar da bayanan dukkan tafiye-tafiye a fayil ɗin CSV. Na rubuta ɗan shiri da Python domin ya zana mini yawan man da motar ke sha a kilomita 100, rana bayan rana. Zanen ya fito, amma layin yana yawo ne tsakanin lita 12 da 15, alhali ni da na cika tanki, na yi tafiyar kilomita 520 bisa agogon mota, na sake cikawa, lita 44.2 ya ci, wato lita 8.5 ke nan a kilomita 100. Motar ƙaramar Corolla ce mai amfani da fetur. Ga layuka biyar daga fayil ɗin, kuma na ukun tafiyata ce daga Garwa zuwa Marwa:

```
date;distance_km;duree_min;carburant_l;conso_l100
03/04/2025 07:12;2,4;11;0,41;17,1
03/04/2025 13:05;3,1;14;0,47;15,2
04/04/2025 06:30;208,0;205;14,35;6,9
05/04/2025 16:40;0,0;22;0,33;
05/04/2025 17:20;5,6;18;0,71;12,7
```

Ga kuma yadda na karanta shi na fitar da matsakaici:

```python
import pandas as pd
df = pd.read_csv("trajets.csv", sep=";", decimal=",")
print(df["conso_l100"].mean())
```

Shin manhajar ce ke ƙarya, ko kuwa rubutuna ne ke da matsala?

Bashir, Marwa: Wa alaikumus salam Malam. Karanta fayil ɗin da ka yi daidai ne, domin fayilolin da ke fitowa daga wayar da aka saita da Faransanci suna raba ginshiƙai da waƙafi mai ruwa, kuma suna rubuta 2,4 a inda Python ke jiran 2.4, kai kuma ka kula da duka biyun. A ganina matsalar tana cikin gajerun tafiye-tafiyen nan ne masu nuna 17 da 15. Waɗannan alƙaluma ne da suka kauce wa sauran, kuma mu a makaranta abin da aka koya mana shi ne a cire irinsu kafin a ɗauki matsakaici. Ka share duk tafiyar da ba ta kai kilomita biyar ba, ko kuma ka yi amfani da `median()` a maimakon `mean()`, za ka ga layin ya sauko.

Malama Hadiza, Njamena: Malam Sani, manhajar ba ta yi ƙarya a nan ba, kuma Bashir ya gano inda ciwon yake, sai dai maganin da ya bayar ba zai warkar da shi ba. Mu gwada shi a kan layukanka biyar ɗin, tunda suna gabanmu.

Abin da `mean()` ya yi shi ne ya tara 17.1 da 15.2 da 6.9 da 12.7, ya sami 51.9, ya raba huɗu, ya ba ka kusan 13. Layin da ba shi da alƙalami ya tsallake shi shiru. A cikin wannan lissafi tafiyar kilomita 2.4 da ka yi da safe a cikin gari tana da nauyi ɗaya da tafiyar kilomita 208 zuwa Marwa, ko da yake ta farkon ba ta ci rabin lita ba, ta biyun kuma ta ci fiye da lita goma sha huɗu. Kamar mutum ne ya sayi kwano ɗaya na gero da tsada a bakin titi, ya sayi buhu guda da araha a kasuwa, sannan ya haɗa farashin biyu ya raba biyu ya ce haka gero ya tsaya masa.

Hanyar da ta dace ita ce a fara tara litoci duka, a tara kilomitoci duka, sannan a yi rabawa sau ɗaya a ƙarshe. Litocinka biyar sun kama 16.27, kilomitocin sun kama 219.1, idan aka raba aka ninka da ɗari za a sami lita 7.4 a kilomita 100. Bambancin ba ƙarami ba ne idan aka mayar da shi kuɗi. A farashin sefa 840 kan lita da aka sa wa fetur a Kamaru a watan Fabrairun 2024, man da ka ƙona a waɗannan layuka bai kai sefa 13,700 ba, amma wanda ya yarda da alƙalamin 13 zai ɗauka ya kashe kusan 24,000.

Shawarar Bashir kuwa, idan aka ɗauki `median()` na alƙaluman huɗu za a sami wajen 14, wato abin ya ƙara nisa da gaskiya, saboda gajerun tafiye-tafiye sun fi yawa a fayil ɗin. Idan aka share waɗanda ba su kai kilomita biyar ba, 6.9 da 12.7 za su rage, matsakaicinsu 9.8, har yanzu ba daidai ba. Abin da ya fi damuna da sharewar shi ne man nan an ƙona shi da gaske, an kuma biya kuɗinsa.

Bashir, Marwa: Na gane zancen nauyin, Malama, kuma na karɓa. Amma har yanzu ina da shakka kan ko lita 17 a kilomita 100 gaskiya ce ga ƙaramar mota irin wannan. Ni na fi zaton kuskuren GPS ne, domin a tafiyar kilomita biyu idan wayar ta makara wajen kama tauraron ɗan'adam, ɗan abin da ta rasa zai kumbura alƙalamin sosai.

Isiyaku bakanike, Kusiri: Bashir, zancenka yana iya faruwa idan manhajar daga GPS take ɗaukar nisa, domin rasa mita ɗari huɗu a tafiyar kilomita 2.4 babban gibi ne. Amma ko ba tare da wannan ba, lita 15 zuwa 17 a irin wannan tafiya ba abin mamaki ba ne a wurinmu masu aikin inji. Inji idan bai ɗauki zafi ba, kwamfutar motar tana ƙara masa mai fiye da ƙa'ida, sannan ka dubi lokacin: minti goma sha ɗaya a kan kilomita 2.4, ai wannan tafiya ce ta tsaye-tsaye a tsakanin 'yan acaɓa, rabinta a giya ta ɗaya da ta biyu. Ka haɗa da na'urar sanyaya mota, wadda babu mai kashe ta a Garwa cikin watan Afrilu idan zafi ya haura digiri 40. Layin nan na huɗu ma ya isa shaida. Motar ba ta motsa ba, injin yana silo minti 22, ta sha lita 0.33, wanda ya yi daidai da lita 0.9 a awa, kuma haka irin wannan inji yake sha a tsaye da sanyi a kunne.

Malam Sani, Garwa: Haka aka yi kuwa, Malam Isiyaku, ina jiran wani ne a ƙofar shago da injin a kunne. Malama Hadiza, na fahimci lissafin, Allah ya saka da alheri. Yanzu yaya zan mayar da shi zane? Idan na tara komai wuri ɗaya alƙalami guda kawai zan samu, ni kuma so nake in ga ko shan man yana ƙaruwa da tafiyar lokaci. Akwai kuma wani abu da na lura da shi. Da na gwada zanen da fayil na kwanaki goman farko na Afrilu, sai ranakun suka warwatsu daga Janairu har Oktoba, da na saka fayil na wata cikakke kuma sai shirin ya tsaya da `ValueError`.

Malama Hadiza, Njamena: Bari mu fara da ranakun, domin duk abin da za mu gina a kansu zai tsaya. Fayil ɗinka yana rubuta rana kafin wata, kamar yadda muka saba a nan, amma pandas idan ba a faɗa masa ba yakan ɗauki alƙalamin farko a matsayin wata. Saboda haka 03/04/2025 ya zama 4 ga Maris a wurinsa, 05/04/2025 ya zama 4 ga Mayu, kwanaki goma suka bazu a watanni goma ba tare da wani gargaɗi ba. Da ya iso 13/04/2025 sai ya rasa wata na goma sha uku, shi ne ya tsaya. Tsayawar ma rahama ce, wanda ya wuce shiru shi ne mai haɗari. Kada ka bar shi ya yi hasashe, ka faɗa masa tsarin ranar ƙarara:

```python
df["date"] = pd.to_datetime(df["date"], format="%d/%m/%Y %H:%M")
mako = df.resample("W", on="date")[["distance_km", "carburant_l"]].sum()
km = mako["distance_km"].where(mako["distance_km"] > 0)
mako["l100"] = 100 * mako["carburant_l"] / km
```

Layi na biyu yana tara kilomita da lita na kowane mako, daga Litinin zuwa Lahadi, kuma ranar Lahadin ce za ta bayyana a matsayin sunan makon. Na zaɓi mako maimakon rana saboda rana ɗaya sau da yawa tafiya biyu ce ko uku a ciki, layin zai riƙa tsalle ba tare da ya nuna komai ba. Layi na uku yana da amfani fiye da yadda ake zato. Idan akwai makon da motar ba ta fita ba amma aka tayar da injin, za a raba lita da sifili, pandas kuma ba zai yi ƙorafi ba, zai rubuta `inf` ya wuce, wanda zai lalata duk wani lissafi da ya biyo baya. Da `where` makon zai zama fanko, zanen kuma zai bar gibi a wurin, wanda shi ne gaskiyar abin da ya faru. Ka lura kuma cewa ban taɓa ginshiƙin `conso_l100` ba ko kaɗan, kuma man da aka ƙona a tsaye ya shiga cikin jimilla.

Wajen zanen, ina ba da shawara kada ka zana layin shan mai shi kaɗai. Ka sa kilomitocin makon a ƙarƙashinsa:

```python
import matplotlib.pyplot as plt
fig, (a, b) = plt.subplots(2, 1, sharex=True)
a.plot(mako.index, mako["l100"], marker="o")
a.set_ylabel("L/100 km")
b.bar(mako.index, mako["distance_km"], width=5)
b.set_ylabel("km")
fig.autofmt_xdate()
fig.savefig("mai.png", dpi=150)
```

Dalilin sandunan ƙasa shi ne, makon da ka je Marwa layin sama zai faɗo wajen 7.5, makon da ka zauna cikin gari zai hau 13, kuma wanda ya ga layin kaɗai zai rantse motar ta lalace a mako na biyu. Idan ido ya ga cewa duk lokacin da sanda ta yi tsawo layin yana sauka, nan take zai san tafiyar ce ta canza, ba injin ba.

Alhaji Ummaru, Ngaundere: Salamu alaikum. Ni ban san wannan aiki na kwamfuta ba, amma na daɗe ina harkar motocin haya tsakanin Ngaundere da Garwa, kuma idan na ji an ce ƙaramar mota tana shan lita 13 na san abin da ke damunta. Ɗana Sani, ka je a buɗe maka matatar iska, domin ƙurar hunturu da ta wuce tana nan cike a ciki, a duba fulogi, a auna iskar taya. Sannan ka faɗa mana gaskiya ko kana zuba zuwa-zuwa, wato fetur ɗin kwalabe na bakin hanya, domin wani ana gauraya shi, mota kuma ba ta tafiya da shi yadda ya kamata. Direbobina duk wanda ya kawo mini lissafin mai da ya wuce ƙa'ida, daga nan nake farawa.

Malam Sani, Garwa: Allah ya ƙara girma, Alhaji. Motar ba ta shan lita 13 a zahiri, lissafin da na sa kwamfuta ta yi ne ya nuna haka, kuma Malama Hadiza ta nuna inda ya karkace. A gidan mai nake cika tanki, sai dai idan tafiya ta kama ni a hanya nakan ƙara lita biyu ko uku a wurin masu kwalabe. A tsakanin cikawa biyun da na ambata ban ƙara komai ba.

Alhaji Ummaru, Ngaundere: To madalla. Amma tunda kuna son ku gane ko mota ta canza, ku ji wannan daga wanda ya san hanya. Motar da ta tashi daga Garwa zuwa Ngaundere ba ta shan mai daidai da wadda ta dawo, domin Garwa tana kwance a kwarin Binuwai, Ngaundere kuma tana kan tudu sama da mita dubu, kuma akwai hawan dutsen nan kafin a shigo gari wanda manyan motoci ke rarrafe a kai. Ni ban taɓa auna direba da zuwa kaɗai ba, sai ya je ya dawo nake haɗa lissafin. Idan kwamfutarku ta ɗauki zuwa a mako ɗaya, dawowa a wani mako, za ta ce muku motar ta lalace sannan ta warke da kanta.

Malama Hadiza, Njamena: Alhaji, wannan magana taka ta shiga tsakiyar lamarin, kuma zanen mako-mako da na bayar ba ya magance ta. Idan aka tafi ranar Asabar aka dawo Litinin, tafiyar za ta rabu gida biyu kamar yadda ka faɗa. Gaba ɗaya ma, tambayar Malam Sani ta biyu, wato ko shan man yana ƙaruwa da lokaci, ba za a amsa ta ba sai an gwada tafiya da irinta. Abu mafi sauƙi shi ne a kasa tafiye-tafiyen gwargwadon nisansu, a tara kowane kashi daban:

```python
aji = pd.cut(df["distance_km"], [-1, 0, 5, 30, 1000],
             labels=["tsaye", "0-5", "5-30", "30+"])
print(df.groupby(aji, observed=True)[["distance_km", "carburant_l"]].sum())
```

Iyakokin biyar da talatin ni na zaɓe su bisa abin da na gani a layukan nan, ba wata ƙa'ida ba ce, kowa ya gyara su daidai da irin zirga-zirgarsa. Na fara daga -1 ne domin tafiyar da nisanta sifili ne ta sami kashinta. Malam Sani, ka gudanar da wannan a kan kwanakin da ke tsakanin cikawar tankin biyu kawai, ka kawo mana abin da ya fito.

Malam Sani, Garwa: Na yi, ga sakamakon:

```
       distance_km  carburant_l
tsaye          0.0          1.5
0-5           27.0          4.1
5-30          46.0          5.0
30+          416.0         28.5
```

Idan na yi rabawar da kaina, gajerun suna kan lita 15.2, matsakaitan 10.9, zuwa Marwa da dawowa kuma 6.9. Abin da ya fi jan hankalina shi ne zirga-zirgar cikin gari kilomita 73 ce kacal cikin 489, wato kashi 15 cikin ɗari na nisan, amma idan aka haɗa da tsayuwa ta cinye lita 10.6, fiye da kashi ɗaya bisa huɗu na man. Jimillar manhajar lita 39.1 ce a kilomita 489, wanda ya ba da lita 8.0. Mun matso kusa da 8.5 ƙwarai, amma har yanzu akwai lita 5.1 da na biya kuɗinsu a gidan mai waɗanda manhajar ba ta gani ba.

Bashir, Marwa: Wannan mai sauƙi ne. A raba 44.2 da 39.1, za a sami 1.13, sai a ninka duk ginshiƙin `carburant_l` da wannan adadi kafin a yi zane. Daga nan jimillar manhaja za ta yi daidai da ta gidan mai har kullum.

Isiyaku bakanike, Kusiri: Kafin a ninka, ya kamata a san daga ina manhajar take samo litocin nan, domin ba auna mai take yi kai tsaye ba. Yawancin waɗannan na'urori da ake soka wa a mazubin OBD-II suna tambayar kwamfutar mota ne nauyin iskar da ke shiga inji a kowace daƙiƙa, daga na'urar awon iska da ake kira MAF. Injin fetur mai zafi yana haɗa giram 14.7 na iska da giram ɗaya na mai, lita ɗaya ta fetur kuma nauyinta yana wajen giram 740 zuwa 750. Idan na'urar ta ce giram 3 na iska a daƙiƙa, manhajar za ta raba da 14.7, ta ninka da daƙiƙu 3,600, ta sami giram 735 a awa, wato kusan lita ɗaya. Lissafin yana tafiya daidai muddin haɗin yana kan 14.7, amma lokacin da inji yake sanyi ko aka taka totur har ƙasa, kwamfutar tana zuba mai fiye da haka, manhajar da ba ta kula da wannan ba kuma za ta rubuta ƙasa da abin da aka ƙona. A nan ne zancen Alhaji na ƙura ya shigo ta wata ƙofa, domin idan ƙura ta lulluɓe wayar da ke cikin na'urar awon iskar, takan nuna iska ƙasa da wadda ke shiga idan inji yana jan nauyi, kwamfutar ta gyara man ta hanyar na'urar da ke auna hayaƙi, motar ta ci gaba da tafiya, amma alƙalamin manhajar ya ragu. Saboda haka gibin ba lallai ne ya zama iri ɗaya a kan babbar hanya da cikin gari ba, adadi guda na ninkawa zai gyara wani kashi ya ɓata wani. Ga masu dizal irin motocin Alhaji kuwa wannan lissafin ba ya aiki sam, domin injin dizal ba ya riƙe haɗin iska da mai a wuri ɗaya.

Malama Hadiza, Njamena: Akwai kuma abin da ya riga wannan, wanda ke cikin alƙaluman da Malam Sani ya kawo. Agogon mota ya ce kilomita 520, manhajar ta ce 489. Kilomita 31 sun ɓace, kuma 1.13 ɗin Bashir ya haɗa abubuwa biyu daban ya mai da su ɗaya: man tafiyar da ba a rubuta ba, da kuskuren ƙiyasin tafiyar da aka rubuta. Idan aka gwada 8.5 da 8.0 kawai, gibin kashi shida ne cikin ɗari, ba goma sha uku ba. Shi ma wannan ya dogara da irin tafiyar da ta ɓace. In kilomita 31 ɗin na cikin gari ne, a kan misalin lita 13, sun ci lita huɗu, jimilla ta zama 43.1, saura lita 1.1 kawai, wanda ko bambancin inda bututun gidan mai ya yanke a cikawa biyu zai iya kawo wani ɓangare nasa. In kuwa a kan babbar hanya suka ɓace, lita biyu da ɗan ɗoriya ne kawai, kuma saura lita uku da sai mun nemi bayaninsu a wurin Malam Isiyaku. Malam Sani, ka tuna ko akwai ranar da ka fita ba tare da wayar ba, ko Bluetooth yana kashe?

Malam Sani, Garwa: Akwai ranar da ƙanina ya ɗauki motar ya kai iyali unguwa, wayata kuma tana hannuna, amma ban tsammanin ya yi kilomita talatin. Na kuma lura cewa manhajar ba ta fara rubutu sai bayan ta haɗu da na'urar, wani lokaci na riga na fita daga layinmu kafin ta nuna ta haɗu.

Isiyaku bakanike, Kusiri: Wannan na biyun ya fi muhimmanci fiye da yadda yake a ido, domin mintin farkon nan shi ne lokacin da inji ya fi kowane lokaci shan mai, kuma yana maimaituwa a kowace tayarwa. Sannan agogon mota da GPS ba sa yin daidai ɗari bisa ɗari, musamman idan an sa tayoyin da girmansu ya bambanta da na asali. Kashi biyu cikin ɗari kawai a kilomita 520 ya kai kilomita goma. Ka gwada a tafiyarka ta gaba zuwa Marwa, ka rubuta abin da agogon ya nuna a tashi da isa, ka gwada da 208 ɗin manhaja.

Bashir, Marwa: To idan haka ne, ni ina ganin a bar ninkawar gaba ɗaya, a zana na manhajar yadda yake, tunda abin da ake nema shi ne a ga ko layin yana hawa, ba ainihin adadin ba.

Malama Hadiza, Njamena: Da na yarda da kai, Bashir, in da kuskuren manhajar zaune yake wuri ɗaya. Amma bisa bayanin Malam Isiyaku, idan na'urar awon iska tana ƙara datti, layin manhajar zai iya tsayawa cik ko ma ya sauka alhali man da ake saya yana ƙaruwa, wato daidai lokacin da ake buƙatar zanen ya yi magana zai yi shiru. Abin da zan yi shi ne in buɗe ƙaramin fayil na biyu da hannu, mai ɗauke da ranar cika tanki, abin da agogon mota ya nuna, da litocin da aka zuba, in ɗora su a kan zanen a matsayin ɗigo masu wani launi:

```python
p = pd.read_csv("pleins.csv", sep=";", decimal=",")
p["date"] = pd.to_datetime(p["date"], format="%d/%m/%Y")
p["l100"] = 100 * p["litres"] / p["compteur_km"].diff()
a.scatter(p["date"], p["l100"], color="red")
```

A sa waɗannan layuka kafin `savefig`. Layin farko na fayil ɗin ba zai ba da ɗigo ba, tunda babu cikawar da ta gabace shi. Sharaɗin kuma shi ne kowace cikawa ta zama har bututu ya yanke, duk litar da aka ƙara a hanya daga masu kwalabe kuma a tara ta a kan cikawa ta gaba, ko da yake ita kwalbar ba kullum take cika lita ba. Ɗigo ɗaya ba zai gaya mana komai ba, sai an tara huɗu ko biyar kafin a yi zancen ninka wani abu da wani adadi.

Malam Sani, Garwa: Na buɗe fayil ɗin, cikawa biyu ne a ciki yanzu, jan ɗigo ɗaya ya bayyana a kan 8.5. Ranar Juma'a zan koma Marwa, zan rubuta agogon a tashi da isa kamar yadda Malam Isiyaku ya ce, kuma zan jira manhajar ta nuna ta haɗu kafin in tayar da injin, in na'urar ta yarda ta haɗu da makulli a buɗe kawai. Malam Isiyaku, ita na'urar awon iskar, in bari a wanke ta yanzu, ko in jira sai na tara ɗigon da Malama ta ce?

Isiyaku bakanike, Kusiri: Idan motar ba ta sheshsheƙa kuma fitilar inji ba ta kama ba, ka bar ta tukuna har ka cika tanki sau uku, domin ka sami abin da za ka gwada da shi bayan wankin. Ranar da aka wanke kuma ka rubuta ta, a ja mata layi a tsaye a kan zanen da `a.axvline`, kuma kada ka yarda a wanke ta da fetur ko a taɓa wayar da hannu, akwai ruwan feshi na musamman da ake yi da shi.